Injin nan ba mutuwa ya yi ba, cinye shi muka yi

Na gaji da jin ana cewa "inji ya mutu" kamar wani tsoho ne ajali ya sauko masa. Ka bi hanya daga Takeita ka leƙa Kance, ka shigo Matamaye, ka miƙe har Ɗan Barto, ka riƙa duban rumfunan bakin hanya da zaurukan ƙungiyoyi. Injin niƙa ne a kwance tsatsa ta cinye, injin ban ruwa ne an jingine a bayan ɗaki, injin ɓarar gyaɗa ne kaji na ƙwai a cikinsa. In ka tambayi mai shi sai ya ce kayan yanzu ba su da ƙarko, ko yaron da ke aiki ne ya cuce shi, ko kuma hannu aka sa masa. Ba mai cewa shekara biyar yana cin injin nan da kaɗan-kaɗan, yana kiran abin da yake ci riba. Alhali ita ce gaskiyar, kuma ni da kai mun san ta.

Masu lissafin kuɗi suna da suna ga wannan abu, amortisma suke ce masa, wato rage darajar kayan aiki a cikin littafi shekara bayan shekara. Maganar ba ta fi ƙarfin kowa ba. Gazuwal ka saya yau, ka ƙone shi yau, kuɗinsa na yau ne. Inji kuwa rana ɗaya ka biya kuɗinsa, amma aikin shekaru ka saya. Kowace tiya ta gero da ta bi ta cikinsa ta ɗebi wani abu daga jikinsa, ko ka gani ko ba ka gani ba. To, tunda shekaru ne suke cin sa, shekarun ne ya kamata su raba kuɗinsa a tsakaninsu, kowace ta ɗauki nata kason kafin a buɗe baki a ce an ci riba. Manomin da ya haɗa irin shukarsa ya dafa a cikin tuwon rani ya san ba daga amfanin gona ya ƙoshi ba, gonar baɗi ya cinye. A gona kowa ya gane haka. Da an zo kan ƙarfe sai hankali ya gudu.

Bari mu zauna mu yi lissafin, don na san akwai masu cewa wannan zancen manyan kamfanonin Yamai ne. Mu ƙaddara wata ƙungiyar mata ta sayi injin niƙa mai gazuwal a kan miliyan 1 da jika 500. Kuɗin inji ba a nan ya tsaya ba. An biya mota ta kawo shi daga Damagaram, an zuba masa daɓen siminti, an biya bakaniken da ya ɗaura shi ya gwada, duka jika 200. Wannan jika 200 ɗin ma cikin kuɗin injin take, domin ba don ita ba da bai niƙa ko ƙwaya ɗaya ba. Injin ya tsaya musu ke nan a kan miliyan 1 da jika 700. Sai a tambayi wanda ya san ƙarfe, a ƙurar nan tamu da zafin nan namu, shekara nawa zai yi yana aiki sosai? A ce biyar. In ya gama, nawa ƴan gwangwan ko mai neman kayan gyara za su saye shi? A ce jika 200. Cire wannan, saura miliyan 1 da jika 500, shi ne abin da aiki zai cinye. Raba shi gida biyar, jika 300 kowace shekara, jika 25 kowane wata. In injin yana aiki kwana 300 a shekara, jika guda ce kowace rana, sefa 1,000.

Jika guda. A kan ta ake ta wannan asara.

Dubi yadda ranar aiki take tafiya. Ana niƙa tiya 180 a kan dala 10, wato sefa 50 kowace tiya, ya zama jika 9 sun shiga gwangwani. Gazuwal ya ci jika 4, yaron inji ya karɓi jika 1 da rabi, baƙin mai da bel da wasa faifan niƙa sun ɗauki jika 1. Abin da ya rage a hannu jika 2 da rabi, sai ma'aji ta ƙulle shi a bakin zane, kowa na murna an ci riba. Ba a ci ba. Ribar jika 1 da rabi ce, jika gudan da ta rage guntun injin ne ya narke ya fito da kamannin kuɗi. A shekara ana ganin jika 750, gaskiyar kuwa jika 450. In aka rabe jika 750 ɗin nan kaf, aka sayi atamfa iri ɗaya, aka yi gudummawar biki da suna, to ran da injin ya tsaya cak a shekara ta biyar, an rabe miliyan 1 da rabi na uwar kuɗi ba tare da an taɓa zaman da aka ce a raba uwar kuɗi ba. Daga nan sai neman wanda za a ɗora wa laifi. Yawanci ma'aji ce ke shan zargi, baiwar Allah da ba ta ci ko dala ba. Yayata ta taɓa riƙe kuɗin irin wannan ƙungiya, kuma har yau akwai gidajen da ba ta shiga saboda maganar da aka yaɓa mata. Kowane ƙwandala da ya shigo ta rubuta, kowane da ya fita ta rubuta. Abin da ba ta rubuta ba shi ne wanda ba wanda ya taɓa gaya mata akwai shi.

Wani zai ce, to ai da sauƙi, ran da aka sayi inji a rubuta kuɗinsa duka a kashe-kashen wannan shekara, a huta. Na ji masu ilimi ma suna faɗin haka, har da cewa wai shi ne tsantseni. Gwada ka gani. Shekarar farko jika 750 ta shigo, ka ɗora mata miliyan 1 da jika 700, littafi ya nuna faɗuwar jika 950. Shekaru huɗun da suka biyo baya kuma kowace ta nuna ribar jika 750, kamar injin daga sama ya faɗo. In ka tara shekaru biyar ɗin, ka haɗa da jika 200 na sayar da gawar injin, jimlar ɗaya ce da ta wancan lissafi, miliyan 2 da jika 250. Jimla ba ta canja ba, amma kowace shekara a cikin biyar ɗin ta yi ƙarya. Kuma mutane ba jimlar shekara biyar suke ci ba, shekara-shekara suke rabo. Matar da ta zuba kuɗinta tun farko, sannan aure ya kai ta Magarya a ƙarshen shekarar farko, da me za a sallame ta? Da faɗuwa. Wadda ta shigo a shekara ta biyu kuma ta zo ta tarar da riba mai maiƙo a kan injin da wata ta biya. Shugabar da ta sayi injin a ce ta durƙusar da ƙungiya, wadda ta gaje ta a yi mata guɗa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma da alƙalami aka yi shi. Haka abin yake tsakanin wa da ƙane da suka haɗa jari, haka yake ran rabon gado, inda za ka ji magada sun kafe cewa injin baba na miliyan 1 da jika 700 ne, don haka rasit ya ce, alhali ya shekara uku yana aiki kuma abin da ya rage masa a littafi jika 800 ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda rashin wannan lissafi yake kashe har wanda ya yi lissafinsa daidai. Jika gudan nan in ka raba ta kan tiya 180, kowace tiya tana ɗauke da dala ɗaya da ƴan kai na kuɗin inji. Sai wani ya kafa nasa injin a tsallaken titi, ya ce shi dala 8 zai riƙa niƙa tiya don ya janye mata. Ko da ya samu tiya 180 ɗin, kuɗin da zai shigo masa sefa 7,200 ne. Ya biya gazuwal da yaro da mai, 6,500, ya ga 700 a tafin hannunsa, ya shiga gari yana cewa kasuwa ta yi kyau. Faɗuwar 300 yake yi kowace rana. Ba zai gane ba sai bayan shekaru, amma kafin nan ya tilasta wa maƙwabcinsa ya sauko dala 8 shi ma, ko ya rufe. Garin neman ƙiba an samo rama, kuma ba shi kaɗai ya rame ba. Ƙarshenta unguwa ta wayi gari ba inji ko ɗaya, mata sun koma turmi ko sun ɗora kwano a ka zuwa wata unguwa. Ƴan kabu-kabu ma su tsaya su duba kansu, don da yawansu abin da suke kira ciniki babur ɗin ne suke sayarwa gutsure-gutsure.

Kada a ce mini ba doka ko ba tsari. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Tsarin lissafinta, SYSCOHADA, an sabunta shi a 2017, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. A cikinsa inji irin wannan yana zama a asusu mai lamba 24, na kayan aiki. Kason kowace shekara ana rubuta shi a matsayin kashewa a 681, ana tara shi a 284, sai a cire abin da aka tara daga kuɗin saye a ga darajar da ta rage. Lissafin yana farawa daga ranar da injin ya fara aiki, ba daga ranar da aka biya ba. In ranar 1 ga Oktoba aka tayar da namu, wata uku kawai za a ɗora wa wannan shekara, jika 75. Filin da aka kafa rumfar a kai ba a rage masa komai, don fili ba ya ƙarewa da aiki. Har ƙananan masu sana'a an yanka musu tsari mai sauƙi na kuɗin shiga da fita, kuma shi ma bai manta da kason kayan aiki ba. Duk wannan yana nan a rubuce. Amma ina yake zaune? A cikin kwamfutar kwantabili, da Faransanci, ana fito da shi sau ɗaya a shekara don ofishin lampo. Kwantabili da yawa sun mai da shi dabarar rage haraji kawai, tunda kason yana rage ribar da ake yanka wa lampo. Mai injin da ya fi kowa bukatar wannan lamba don ya san nawa zai niƙa tiya, shi ba a taɓa zama an faɗa masa da Hausa ba.

Su kuma masu furoje, Allah ya gani, da su nake da babbar magana. A zo da motoci, a kafa rumfa, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a danƙa wa mata inji kyauta, a koya wa yaro yadda ake tayar da shi da yadda ake kashe shi, a tafi. Kyauta ce, to, mun gode. Amma injin kyauta da injin saye duk gudu ɗaya suke lalacewa. Ƙarfe bai san wanda ya biya ba. Tunda matan ba su fitar da ko sisi ba, ba su ma san kuɗinsa ba, balle su raba shi kan shekaru. Ta yaya za ka ba mutum dukiyar miliyan biyu ka ɓoye masa farashinta? Su da kansu a ofishinsu kowace mota da kowace kwamfuta tana da takardar da ke nuna shekarar saye da darajar da ta rage, ba sa wasa da wannan ko kaɗan. Sun san abin sarai. In an zo kan talaka ne ake ganin ya yi masa nauyi. Bayan shekara huɗu wani furojen ya zo ya tarar da gawar inji, ya rubuta rahoto cewa mutanen karkara ba su iya riƙon kaya ba, ya kawo sabo, a sake ɗaukar hoto.

Sai dai in gargaɗe ka, ɗan'uwa, kada ka ji wannan ka ɗauka rubuta jika 300 a littafi shi ne ajiye jika 300. A nan ma mutane da yawa suke faɗawa rami, har da waɗanda suka yi lakwal. Rubutun ba ya fitar da kuɗi daga aljihu, ba ya kuma zuba kuɗi a asusu. Aikinsa ɗaya ne, ya tsaya tsakaninka da ƙarya, ya ce maka daga cikin jika 750 ɗin nan, 450 ne kaɗai halalinka na rabo. Abin da za a yi da sauran 300 shawara ce ta dabam. In an bar su a gwangwani aka ranta wa mijin shugaba ya yi noma bai dawo da su ba, littafi zai nuna komai daidai, asusu kuwa wayam. Ga yadda ake ganewa: a ƙarshen shekara ta uku littafi ya ce an tara jika 900, sai a ce ma'aji da shugaba su nuna inda 900 ɗin suke, ko kuɗi ne a asusun ajiya, ko buhunan gero ne a sito, ko bashi ne da ake da tabbacin karɓa. In aka fara kame-kame, an cinye. Ƙasar da ta haifi Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tun 1991, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako a akwati mai makulli, ba za a ce mata ajiye jika guda a rana ya gagara ba. Ba a nuna musu dalilin ba ne.

Shekara biyar ɗin ma ƙiyasi ne, ba wahayi ba. Injin da ake bari ƙura tana shiga ta matatar iska, ana zuba masa gazuwal ɗin kwalba mai gauraye, ana wuce lokacin juye baƙin mai, ba zai kai ba. Kuma yana faɗa da bakinsa: hayaƙi ya yi baƙi, yana shan mai, gazuwal ɗin da ke niƙa tiya 180 ya koma yana niƙa 140, kwanakin da yake kwance wajen bakanike sun fara yawa. In aka ga haka sai a gyara lissafi tun da wuri. A ce bayan shekara biyu darajarsa a littafi miliyan 1 da jika 100, bakanike ya duba ya ce shekara biyu ta rage masa, ba uku ba. Cire jika 200 na gawa, saura 900, raba biyu, kason ya tashi daga 300 ya koma jika 450 a shekara, jika 1 da rabi a rana. Da ciwo, amma gara a ji shi yanzu da a yi ihu bayan hari. Injin da aikinsa na lokaci ne kuma, kamar na ban ruwan masu rake da lambu a fadamun Korama, ko na ɓarar gyaɗa da ke aiki da kaka ya kwana da rani, ya fi dacewa a auna shi da awa. Da namu injin za a yi wa haka, in an ƙiyasta zai yi awa 7,500 a rayuwarsa, kowace awa sefa 200 ce. Watan da ya yi aiki da yawa ya ɗauki kaso mai yawa, watan da ya huta ya ɗauki kaɗan. Sannan a daina cakuɗa gyara da saye. Bel da faifai da baƙin mai kashewar yau da kullum ce. Amma in aka sauke kan injin gaba ɗaya aka ɗora sabo wanda zai ƙara masa shekaru, wannan sabon jari ne, shi ma raba shi za a yi kan shekarun da zai yi.

Ko an yi duk wannan daidai, akwai inda lissafin yake tsayawa, kuma mu mutanen bakin iyaka mun fi kowa sanin wurin. Kuɗin da ka saya jiya yake mayar maka, bai yi maka alkawarin farashin gobe ba. Waɗanda suka ga Janairun 1994 ba su manta ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Wanda ya tara kason injinsa tsaf ya wayi gari abin da ya tara ba ya sayen sabo, don kayan waje sun yi tsalle. A 2023 ma, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yuli, kayan gyaran da muke ɗaukowa daga Kano ta Daura sai da suka zama abin nema. Saboda haka mai hankali kan ɗora wani abu daga ribarsa a kan jika gudan nan, kuma duk shekara ya aika a tambayo masa nawa sabon inji yake a Damagaram da Kano.

Wani lokacin ma ƙarfen lafiyarsa lau, aikin ne ya gudu ya bar shi. Garin nan namu na Matamaye ya taɓa samun masana'antar matse man gyaɗa tun zamanin Faransawa, lokacin da gyaɗa ce ke riƙe da arzikin Nijar, bayan ƴancin kai kuma SONARA ta riƙa saye. Fari ya zo a 1973, kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, noman gyaɗa ya durƙushe, injunan da aka kafa don shekaru masu yawa suka rasa abin matsewa. Ba jadawalin shekaru da zai hango wannan. Shi ya sa tsarin lissafin ya tanadi wani mataki na dabam: in alama ta nuna abin da kaya zai iya kawowa ya faɗi ƙasa da darajar da littafi ke ba shi, a rage darajar nan take, a rubuta asarar a shekarar da ta faru. Mai injin gazuwal da wutar Nijelek ta iso unguwarsa, maƙwabcinsa ya kafa mai aiki da lantarki yana niƙa da araha, shi ma wannan matakin ya hau kansa, ko da injinsa bai wuce shekara biyu ba. Littafinsa na iya cewa miliyan 1 da jika 100, amma in ya kai shi kasuwa aka taya jika 600, kuma aikin da ya rage masa ba zai kawo fiye da haka ba, to jika 500 sun riga sun tafi, kuma wajibi ne abokan jarinsa su ji wannan labari a zaman rabon bana.